Tambayoyin da za su yi min ranar samina kan bitar ayyukan da suka gabata

Ɗan Gumel: Slm jama'ar gida. Don Allah masu mastas da waɗanda suka wuce nan ku taimaka, an sa min ranar samina sati mai zuwa, babi na biyu zan gabatar wato bitar ayyukan da suka gabata. Aikina kan buhun PICS ne, wannan buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, yadda manoma ke karɓarsa a ƙauyukanmu na Gumel da Maigatari. Sufabaiza ya ce silaid ɗina sun yi kyau amma in shirya don abu biyu za a tsare ni a kai, ta yaya na zaɓo takardun da na karanta, sannan ta yaya na gano giɓin da nake cewa zan cike. Ni kuma abin da na sani kawai na shiga Google Scholar na yi ta saukewa ina karantawa har na tara 41. To me zan ce musu

Ɗan Birni: Wslm. Abu mai sauƙi malam, ka ce duk takardunka na shekara biyar ɗin nan ne kuma daga mujallu masu daraja ka ɗauko. Giɓi kuma ka ce ba a taɓa yin irin wannan binciken a Gumel ba, shikenan an wuce wajen. Haka muka yi namu

Kawu Dillali: Wai buhun kake nema ne yaro? Ka zo Maigatari ranar Alhamis akwai wanda na sani yana kawowa, amma ka duba ledar da kyau kafin ka biya

Ɗan Gumel: A'a Kawu ba saye zan yi ba 😂 rubutun makaranta ne a kansa

Anti Dakta: Ɗan Gumel kar ka bi maganar Ɗan Birni gaba ɗaya, rabinta ce daidai. Ina zama a irin waɗannan saminoni, kuma tambayar farko da nake yi kullum ita ce: in na zauna yau na yi abin da ka yi, zan samo takardun da ka samo? In amsar a'a ce to ba zaɓe ka yi ba, tsintuwa ka yi. Saboda haka kafin komai faɗa min abu uku, a ina da ina ka nema, me ka rubuta a wajen nema harafi da harafi, kuma wane wata ka yi neman.

Ɗan Gumel: Anti Google Scholar ne yawanci, sai AJOL kaɗan, wato shafin mujallun bincike na Afirka. Abin da na fi rubutawa shi ne

```
PICS bag adoption Jigawa
```

sai in sauya Jigawa in sa Kano ko Nigeria. Wata kuma ba zan iya cewa ga shi ba don a hankali na dinga yi, duk sanda na shiga gari na samu netwok mai kyau

Anti Dakta: To ga inda za su fara kama ka. Kalmar Jigawa da ka sa ta tura maka duk aikin da aka yi a Maraɗi ko Burkina Faso can ƙasa inda ba za ka kai ba, alhali su ne suka fi kusa da tambayarka. Sannan ba kowa ke kiran abin PICS ba, wani zai ce ajiyar da iska ba ta shiga, wani zai ce buhu mai ninki uku, don dabarar ta girmi sunan, tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na jami'ar Purdue suka fara gwada ta a arewacin Kamaru. Ka sake nema da wannan, kuma ka sa shi a silaid kamar yadda yake:

```
(cowpea OR "Vigna unguiculata") AND (PICS OR hermetic OR "triple bag") AND (adoption OR use)
```

Kar ka sa sunan jiha a ciki. Wajen tacewa ne za ka yanke wace ƙasa ta shiga wace ba ta shiga ba, da idonka. Kuma ka buɗe Excel ka rubuta ranar da ka nema, inda ka nema, da adadin da ya fito. Google Scholar zai ce maka ya samo dubbai amma ba ya nuna maka sama da 1000, kuma ba wanda ke karanta su duka, don haka ka yanke tun farko, misali na farko 200 zan duba, ka faɗi hakan a fili. Ba laifi ba ne. Abin da ke ba su haushi shi ne ka ɓoye.

Ɗan Birni: Amma Anti maganar shekara biyar fa? Mu sufabaizanmu cewa ya yi duk abin da ya wuce shekara biyar ko goma ya tsufa kar ya gan shi

Anti Dakta: Akwai inda hakan ke da ma'ana, kamar farashi ko abin da ke saurin sauyawa. Amma in aka tambaye ka me ya sa shekara biyar ba shida ba, me za ka ce? Oga ne ya ce? Iyakar shekara dole ta fito daga cikin maganar kanta. Shi Ɗan Gumel nasa ma a shirye yake, shirin PICS a 2007 aka fara shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, to sai ya ce na ɗauki 2007 zuwa yau saboda kafin nan buhun bai shiga kasuwa da wannan sunan ba, sai 'yan takardun baya da na sa don tarihin dabarar. Wannan amsa ba mai iya ture ta. In ya bi shekara biyar ɗinka zai zubar da ainihin ayyukan da aka yi lokacin da ake yaɗa buhun ƙauye ƙauye, su ne kuwa ƙashin bayan babin nasa.

Ɗan Birni: Hmm to. Amma dai ni na ga ana ƙorafi in mutum ya cika tsofaffin takardu

Anti Dakta: Ana yi, in ba shi da sababbi ko kaɗan. Wannan alama ce ta daga kundin wani ya kwaso jerin madogara, ana ganewa nan take don za ka ga komai ya tsaya cak a shekara guda, shekarar da mai kundin ya gama nasa

Admin: Anti ki yi a hankali akwai waɗanda maganar nan ta taɓa a gidan nan 😂😂

Ɗan Gumel: Na gode Anti, jiya da daddare na sake neman da abin da kika ba ni, na roƙi wani abokina ya duba min Scopus, wannan rumbun neman takardun bincike, ta laburaren makarantarsu don ni ba ni da hanyar shiga daga nan. Ga abin da ya fito: Google Scholar na duba 200 na farko, AJOL 24, Scopus 76, jimla 300. Na zuba su a Zotero ya nuna min masu maimaici na haɗe su, saura 238. Yanzu kuma sai yaya, duk zan karanta?

Anti Dakta: A'a. Yanzu ka rubuta sharuɗɗanka KAFIN ka fara dubawa, ba bayan ka gama ba, don in ka bari sai ka karanta zuciyarka za ta dinga ajiye waɗanda suka yi maka daɗi tana watsar da masu musa maka. Misali wake kawai, ban da masara da shinkafa. Ƙasashen Afirka ta Yamma. Aikin da aka je aka tattaro bayanai, ba ra'ayin jarida ba. Zagaye na farko take da tsakure kawai za ka karanta, da sauri, e ko a'a. Waɗanda suka tsira su za ka karanta gaba ɗaya, kuma a wannan zagaye na biyu duk wadda ka cire ka rubuta dalili a gefenta. Don tambayar da ke zuwa ita ce kawo mana takarda ɗaya da ka cire ka faɗi me ya sa. Ɗalibai da yawa a nan suke yin shiru, saboda ba su taɓa cire komai ba, duk abin da ya sauku kyauta shi ne ya shiga.

Kuma ka ƙirga waɗanda ka kasa samun cikakkensu saboda kuɗi ake nema. Ka faɗi adadinsu. Kafin ka haƙura ka tambayi ma'aikacin laburare ko makarantarku na da shiga AGORA, na harkar noma ne, sannan ka aika wa marubucin saƙo kai tsaye, da yawa suna turowa.

Akwai zanen nan na PRISMA mai akwatuna da kibiyoyi, wanda aka sabunta a 2020, ka ari tsarinsa ka nuna 300 sun koma 238 sun koma kaza har ƙarshe, silaid ɗaya ya isa. Amma kar ka kuskura ka ce bitarka irin ta PRISMA ce cikakkiya, don a wancan tsarin an fi son mutum biyu su tace kowa daban su kwatanta, kai kuwa kai kaɗai ka yi. Ka ce na ari tsarin don in nuna hanyar da na bi. In ka ɗora wa kanka babban suna da shi za su auna ka.

Ɗalibar Hausa: Slm, ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ni aikina kan waƙoƙin daka da niƙa ne na matan ƙauyukan wajen Ringim, duk wannan Scopus ɗin da kuke faɗa in na shiga ba abin da zan samu wlh. Madogarata kundayen digiri ne da ke jibge a laburaren sashe, a Kano da Zariya da Sakkwato, wasu ma da tafireta aka buga su, sai tsofaffin mujallun sashe. To ni in aka ce ta yaya na zaɓa me zan ce, in zana akwatuna ni ma?

Anti Dakta: Ƙanwata ba sai kin zana ba, amma tambayar ɗaya ce. Ki faɗi laburaren da kika shiga da waɗanda ba ki samu zuwa ba, kundayen wace shekara zuwa wace kika bi, kuma me ya sa kika ɗauki wanda ya yi waƙoƙin aikin mata kika bar wanda ya yi na biki. Rajistar kundayen sashe ita ce Scopus ɗinki. Inda za a matse ki shi ne in kin ce ba a taɓa yi ba alhali laburare biyu kika shiga, wani dattijo a cikin masu sauraro zai ce ni na duba kundi a kan haka shekaru ashirin da suka wuce, kuma ba ki da bakin musawa

Ɗalibar Hausa: Abin da nake tsoro kenan gsky, don kundayen nan ba su a intanet ko ɗaya

Ɗan Birni: Ni fa ban yarda a sa kundin digiri na farko a madogara ba, ba wanda ya tace shi, wasu ma kwafe ne

Ɗalibar Hausa: To in na cire su me ya rage min malam? A fanninmu wani kundin shi kaɗai ne ya rubuta waƙar daga bakin tsohuwar da ta riga ta rasu

Anti Dakta: Ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe. Ni zan karɓi kundi don abin da ya tattaro, matanin waƙa ko bayanin fili, amma ba zan jingina babbar hujja a kan sharhinsa ba. Wasu abokan aikina ko hakan ba sa yarda, don haka ki tambayi naki sashen. Mu koma kan giɓi don nan ne aikin yake. Ɗan Gumel karanto min giɓinka yadda ka rubuta

Ɗan Gumel: Na rubuta cewa duk da an yi bincike da yawa kan buhun PICS, ba a yi a Gumel ba, kuma ba a taɓa duba ɓangaren mata ba alhali su ke ajiye wake a gida

Anti Dakta: Rabi na biyu ka goge shi yau ɗin nan. Akwai takarda ta 2014 a Journal of Stored Products Research a kan yadda mata suka karɓi wannan ajiyar ta wake a Najeriya da Nijar da Burkina Faso. Duba cikin 238 ɗinka ka gani ko ta fito. Wannan ma gwaji ne mai kyau ga kowa, ka tambayi wanda ya san fannin ya ba ka takardu uku ko huɗu da dole a gani, in nemanka bai kamo su ba to kalmominka ne ke da matsala, ka gyara ka sake.

Rabi na farko kuma, ba a yi a Gumel ba, tambayar da za ta biyo baya ita ce to sai me? Ba a yi a Gagarawa ba ma, ba a yi a Sule Tankarkar ba, kowace ƙaramar hukuma sai a ba ta mastas ɗinta? Wuri yana zama giɓi ne kawai in ka nuna akwai abin da ya bambanta shi wanda zai iya sauya sakamako. Kai kana da shi ma ba ka yi amfani da shi ba, kuna bakin iyaka, wake da buhuna na tsallakowa ta Maigatari, manominku na iya sayen buhu daga can ba daga dilan Kano ba. In kana ganin hakan na taɓa farashi ko samuwar buhun to ka faɗa, ka kawo dalili.

Ɗan Gumel: Ta fito Anti, yanzu na gan ta, a neman farko ne ban same ta ba. To yanzu giɓin nawa ya rushe kenan, saura kwana kaɗan 😭

Anti Dakta: Bai rushe ba, ba ka haƙo shi ba ne tukuna. Giɓi ba a zama a ƙirƙiro shi, daga tebur yake fitowa. Buɗe Excel, kowace takarda layi ɗaya, a sama ka sa: shekara, ƙasa, wa aka tambaya, mutum nawa, wace hanya aka bi, me aka auna takamaimai, me aka samu. Wannan na me aka auna shi ne mai muhimmanci, kar ka rubuta karɓuwa kawai, ka buɗe takardar ka ga ainihin tambayar da aka yi wa manomi. An ce masa ka taɓa amfani da shi ne, ko kana amfani da shi bana, ko kashi nawa na wakenka ke ciki? Uku ne daban daban amma duk da suna ɗaya ake rubuta su. In ka cike sai ka bi kowane ginshiƙi daga sama zuwa ƙasa ka ga inda amsa iri ɗaya ke ta maimaituwa da inda babu komai.

Kawu Dillali: Ni dai ban san bokonku ba amma in faɗa muku, mutane da yawa sun saya sau ɗaya ba su ƙara ba. Ba wai ba ya aiki ba ne, yana aiki, in ka ɗaure da kyau ƙwaro ba ya taɓa wake har bazara. Amma mace mai kwano goma ko sha biyar me za ta yi da ƙaton buhu, kuma kullum tana buɗewa tana ɗiba na ƙosai, in ana buɗewa iska na shiga ai an ɓata aikin. Sai ta koma jarka ko robar lemo. Wani kuma ɓera ya huda ledar, ko ya zuba wake da ƙaiƙayi ya tsaga ta, sai ya ce buhun ne ba kyau ya koma fiya-fiya

Anti Dakta: Kawu Allah ya ƙara girma, ka ba yaron nan abin da zai nema. Ɗan Gumel ka ji, amma ka kula, maganar Kawu ba ita ce giɓin ba, ita ce ta nuna maka ginshiƙin da za ka ƙara a tebur: an bi waɗanda suka daina? e ko a'a. Je ka cike ka dawo mana da lissafi

Ɗan Gumel: Na dawo jama'a, ban yi barcin kirki ba. Bayan tacewa 36 suka rage, na bi madogarar manyan ciki da kuma Cited by na Google Scholar na ƙaro 8, sun zama 44, kuma daga tsofaffin 41 ɗina da yawa sun faɗi don na masara ne. A cikin 44, guda 23 gwajin buhun ne kansa, yana kashe ƙwaro ko ba ya kashewa, iri na tsirowa bayan ajiya ko a'a. Guda 7 lissafin riba ne. Guda 14 ne suka tambayi manoma, kuma a cikinsu 11 zuwa ɗaya aka yi aka tambaya aka tafi, 3 ne kawai suka taɓo waɗanda suka daina, su ma a sakin layi ɗaya ko biyu ba su bi dalili ba

Anti Dakta: Yauwa. Yanzu ka rubuta shi da iyakarsa: a cikin takardu 44 da na samu ta wannan hanya zuwa wannan wata, 14 sun duba karɓuwa, 3 kacal suka ambaci dainawa kuma ba wadda ta bi dalilinta a tsakanin masu ajiyar kaɗan. Ka ga ba ka ce ba a taɓa yi ba, ka ce ban samu ba a inda na nema, in wani ya ɗaga hannu ya kawo wata takarda sai ka gode masa ka ƙara ta, babinka bai faɗi ba. Sannan ka shirya wa tambayoyi biyu da ke bin wannan. Ta farko, wa zai amfana in an cike giɓin, amsarka ta zama takamaimai, misali malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, da masu sayar da buhun, ko ƙaramin buhu ake buƙata ko koyar da ɗauri. Ta biyu, hanyar bincikenka ta dace da giɓin? In ka ce dainawa za ka duba amma takardar tambayoyinka maigida kawai za ta tambaya ko ya taɓa jin labarin PICS, to babi na biyu da na uku ba sa ga maciji. Dole samfurinka ya ƙunshi waɗanda suka taɓa saye suka bari, kuma ka faɗi yadda za ka same su da wadda za ta shiga gida ta yi magana da matan.

Ɗan Birni: Ni har yanzu ina ganin faɗin iyakar nan kamar kana miƙa musu sandar dukanka ne. Me zai sa in ce ga abin da ban duba ba, ai sai su ce je ka duba

Anti Dakta: Wani lokacin suna cewa hakan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in su suka gano da kansu ya fi muni. Ga ɗaya ma da na tabbata za a yi wa Ɗan Gumel in akwai mai lura a zauren: harshe. Cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, ta yi aiki sosai kan buhun nan a Maraɗi, kuma rahotanni da kundayen can da Faransanci ake rubuta da yawansu. Kai Turanci kawai ka nema, kana kuma kafa hujja da cewa kuna bakin iyakar Nijar

Ɗan Gumel: Innalillahi, Anti Faransanci kuma? Ko gaisuwa ban iya ba

Anti Dakta: Ko dai ka rubuta a sharuɗɗa cewa na Turanci kawai ka ɗauka ka amsa cewa gazawa ce, ko ka gwada nema sau ɗaya da kalmarsu ta wake

```
niébé "sac PICS" adoption Niger
```

ka ga nawa za su fito, in kaɗan ne ka nemi mai karanta maka tsakurensu

Ɗalibar Hausa: Akwai malamin Faransanci a sakandaren garinmu ɗan Damagaram ne, in kana so in yi masa magana. Amma Anti ni fa ba ki ce min komai kan teburin ba, waƙa ai ba ta da mutum nawa aka tambaya, me zan sa a ginshiƙan nawa?

Anti Dakta: Yanki, irin waƙar, an kawo matani cikakke ko gutsure, daga bakin wa aka ɗauka, da wace fuska aka nazarta, jigo ko salo ko yanayin aiwatarwa. Turo min guda biyar da kika cike in gani, sai gobe in na fito daga aji

Ɗan Gumel: Don Allah yi masa maganar, zan nema yau in turo miki abin da ya fito. Kawu kai kuma ranar Alhamis ina nan zuwa, ina son ka haɗa ni da masu sayar da buhun in ji ko suna riƙe sunayen ƙauyukan da ke saye

Kawu Dillali: Ba sa rubuta komai yaro, a ka suke riƙewa. Ka zo da wuri dai kafin azahar, in kasuwa ta cika ba mai sauraronka